Nazarin Lamari: Yadda Jimillar Inshorar Lafiya ta Wani Iyali a Gombe ta Ƙare Saura Wata Huɗu Shekara ta Cika

Galibin takardun inshora suna ɗauke da adadin kuɗi guda biyu waɗanda mutane kan cakuɗa su. Na farko shi ne zubin da mai inshora yake biya wa kamfani, ko dai a shekara ko a wata. Na biyu shi ne jimillar inshora, wato mafi yawan kuɗin da kamfani ya ɗauki alkawarin biya a madadin mutum cikin wa'adin yarjejeniyar, wanda galibi shekara ɗaya ne. Jimillar ba kuɗi ba ne da aka ajiye wa mutum a asusunsa, kuma ba a miƙa masa ita a hannu. Iyaka ce da aka shata wa alkawari: kamfani zai riƙa biyan asibiti har abin da ya biya ya kai wannan adadi, daga nan kuma nauyin ya koma kan mai shi.

Lamarin da za a bi a nan misali ne da aka gina a kan irin sharuɗɗan da ake samu a tsare-tsaren inshorar lafiya masu zaman kansu, waɗanda kamfanonin da ake kira HMO suke sayarwa. An daidaita alƙaluman domin lissafi ya fito fili, kuma kowane kamfani yana da nasa farashi da nasa iyakoki.

Iyalin da takardarsu

Maigidan ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, cikin garin Gombe, yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku, matar kuma tana da juna biyu. Shekararsa ta biyu ke nan a tsarin, wa'adin kuwa ya fara ranar 1 ga Maris 2024, zai ƙare ranar 28 ga Fabrairu 2025. Wannan ma abin lura ne, domin shekarar inshora ba ta bin Janairu zuwa Disamba, tana bin ranar da aka ƙulla yarjejeniya ne. Ya biya zubin naira 300,000, jimillar inshorarsa kuma naira 1,500,000 ce, kuma ta gidan ce gaba ɗaya, ba ta kowane mutum shi kaɗai ba. Ma'ana, idan mutum ɗaya ya ci naira miliyan ɗaya, abin da ya rage wa sauran shi ne dubu ɗari biyar.

A cikin jimillar akwai ƙananan iyakoki guda biyu da suka shafi wannan lamari: haihuwa, haɗe da awon ciki, ba za ta wuce naira 300,000 ba, tiyata kuma ba za ta wuce naira 600,000 ba. Waɗannan iyakoki a cikin jimillar suke, ba ƙari ba ne a kanta. Maigidan ya ɗauka cewa kowace iyaka aljihunta daban, ya tara su a ransa ya ga kamar yana da fiye da miliyan biyu. Ya kuma yi wani zaton na biyu. A shekarar farko iyalinsa ba su ci fiye da naira 140,000 ba, saboda haka ya ɗauka ragowar ta biyo shi zuwa sabuwar shekara. Ba ta biyo shi ba. Jimillar inshora kamar rumbu ce da ake cikawa ranar farko ta shekara, kowa a gida yana ɗiba daga ciki, sai dai abin da ya rage ranar ƙarshe ba ya zama na maigida, a sake auna masa daidai mudun bara ne kawai. Dalili kuwa shi ne, abin da bai ci ba shi aka biya wa wasu gidajen da ciwo ya faɗa wa a waccan shekara, kuma da haka ne naira 300,000 take iya sayen alkawarin naira 1,500,000.

Yadda kuɗin ya tafi daga Maris zuwa Oktoba

Abin da ya fara cin jimillar ba wani babban ciwo ba ne. Maigidan yana da hawan jini, kowane wata yana zuwa a auna shi a ba shi magani, kuma asibiti yana cajin kamfani naira 20,000 a kowane zuwa. Shi dai ba ya ganin wannan adadi, domin katinsa yake nunawa, a ba shi magani a leda, ya sa hannu ya tafi. Cikin wata takwas, daga Maris zuwa Oktoba, wannan kaɗai ya kai naira 160,000. Irin wannan kashe kuɗi shi ya fi ɓoyuwa, saboda inda babu ciniki a teburin biya, mutum ba ya jin cewa an taɓa wani abu nasa.

A watan Yuni uwargida ta haihu, kuma sai da aka yi mata aiki aka ciro jaririn. Kuɗin asibiti, daga awo har sallama, ya kama naira 420,000. Kamfani ya biya naira 300,000, wadda ita ce iyakar haihuwa, maigidan ya cika naira 120,000 daga aljihunsa duk da cewa a lokacin akwai fiye da miliyan ɗaya a jimillarsa. Ya yi ƙorafi, amma takardar ta fayyace: ƙaramar iyaka tana tsayar da biya ko da babbar ba ta ƙare ba. Ya kuma yi tambaya ko aikin ciro jariri ba zai shiga ƙarƙashin tiyata ba, aka nuna masa inda aka rubuta cewa yana cikin haihuwa. Abin da aka cire daga jimilla shi ne naira 300,000 da kamfani ya biya, ba 420,000 ba, domin abin da mutum ya biya da kansa ba ya rage jimilla. Bayan kwana kaɗan jaririn ya yi shawara, aka kwantar da shi ƙarƙashin fitilar asibiti na kwana uku, naira 100,000 ta sake fita.

Damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro kamar yadda ta saba. Tsakanin Agusta da Satumba yaran suka yi ta zarya asibiti, gwajin jini da magani da ganin likita, abin ya taru ya kai naira 130,000. A ƙarshen Satumba zazzaɓin ya yi wa ƙaramar yarinyar tsanani, aka kwantar da ita kwana huɗu har da ƙarin jini, kuɗin ya kama naira 190,000.

Idan aka haɗa, hawan jini 160,000, haihuwa 300,000, jariri 100,000, zazzaɓin yara 130,000 da kwanciyar yarinya 190,000, an ci naira 880,000. Abin da ya rage a ƙarshen Oktoba shi ne naira 620,000.

Amma ba wannan adadi maigidan ya riƙe a ransa ba, kuma a nan ne lamarin ya fi cancantar a tsaya a duba. A ƙarshen Oktoba ya buga wa kamfanin waya ya tambayi ragowarsa, aka ce masa naira 810,000. Ba ƙarya aka yi masa ba, sai dai amsar ba ta cika ba. Asibitoci ba sa aika wa kamfani takardar neman biya a ranar da suka sallami majinyaci. Sukan tara na wata guda su aika a dunƙule, kamfani kuma ya ɗauki makonni yana tantancewa, yana gwada kowane abu da jadawalin farashin da suka yi yarjejeniya da asibitin. Kwanciyar yarinyar ta ƙarshen Satumba ba ta riga ta shiga lissafi ba a ranar da ya buga waya. Saboda haka tambayar "nawa ya rage?" ba ta wadatar. Tambayar da take fito da gaskiya ita ce, wace ce rana ta ƙarshe da aka shigar a lissafin, kuma akwai wani aikin da kamfani ya ba asibiti lambar amincewa a kansa, wato shaidar cewa ya yarda zai biya, amma ba a kai ga biya ba? Da ya nemi a turo masa cikakken bayanin abin da aka ci, mai ɗauke da rana da sunan majinyaci da adadi, da ya ga cewa kwanciyar 'yarsa ba ta ciki, ya cire ta da kansa.

Ranar da ta ƙare

A makon farko na Nuwamba babban ɗan, mai shekara 16, ya yi hatsari a kan babur, ƙashin cinyarsa ya karye. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Asibiti ya ƙiyasta naira 650,000 na aikin, da naira 260,000 na kwanciyar kwana goma da magani da hoton ƙashi, jimilla naira 910,000.

Kafin a yi irin wannan aiki asibiti yana neman lambar amincewa daga kamfani, kuma a wannan lokaci ne kamfani yake zama ya yi lissafi na gaske, har da takardun da ke kan layi. Maigidan ya riga ya yi nasa lissafin a kan 810,000, ya ga cewa naira 100,000 zai nema. Amsar da ta dawo teburin inshora na asibitin ta nuna an amince da naira 600,000 na tiyata, da naira 20,000 kacal na kwanciya.

"Malama, a duba dai da kyau, makon jiya aka ce mini akwai fiye da dubu ɗari takwas," in ji shi.

Ma'aikaciyar ta juyo masa da fuskar kwamfuta, ta ɗora yatsa a kan layin ƙarshen Satumba. "Alhaji, ka yi haƙuri, ga kwanciyar yarinyarka nan, yanzu ta shigo. Idan aka cire ta, dubu ɗari shida da ashirin ne ya rage, kuma shi ne suka amince da shi gaba ɗaya."

Iyakoki biyu ne suka haɗu a kan takarda ɗaya. Iyakar tiyata ta yanke naira 50,000 daga kuɗin aikin, ƙarewar jimilla kuma ta bar naira 240,000 na kwanciya ba mai biya. Abin da ya hau kan maigidan shi ne naira 290,000, kuma asibitin ya nemi a ajiye wani kaso kafin a shiga da yaron ɗakin tiyata. Ya sayar da buhunan masara a lokacin kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, abin da ɗan kasuwar hatsi ba ya so ya yi.

Abin da ƙarewar take nufi, da abin da ba ta nufi

Yarjejeniyar ba ta mutu ba. Sunan iyalin yana nan a rajista, katinsu yana nan har 28 ga Fabrairu, shekarunsu a tsarin suna ci gaba da ƙirguwa. Abin da ya tsaya shi ne biya. Tun da jimillar ta gida ce, tsayawar ta shafi kowa, har da waɗanda ba su ci komai ba. Da maigidan ya je karɓar maganin hawan jininsa na Nuwamba, aka ce ya je teburin biya, kuma haka ya yi har wata huɗu, naira 80,000. Gashin ƙashin yaron bayan sallama ya ci wata naira 60,000. Ya kamata a lura cewa wanda ya koma biya da kansa yana iya tarar da farashi dabam da wanda asibiti yake cajin kamfani, saboda haka yana da kyau ya tambaya ko za a bar shi a kan farashin jadawalin. Haɗarin da ya fi girma a irin wannan hali shi ne mai ciwo na dindindin ya daina shan magani yana jiran sabuwar shekara, alhali hawan jini ba ya jiran Maris.

Maigidan ya nemi mafita ta hanya uku. Da farko ya tambaya ko zai iya ƙara kuɗi a sake cika masa jimillar. Wasu takardu suna da sharaɗin maido da jimilla idan ta ƙare, ko dai kai tsaye ko bayan ƙarin zubi, amma sharaɗi ne da ake saye tun ranar ƙulla yarjejeniya, kuma sau da yawa ba ya biyan ciwon da ya cinye ta, sai wani sabo. Takardarsa ba ta da shi. Na biyu, ya nemi ya koma tsari mafi girma a tsakiyar shekara, aka ce sai lokacin sabuntawa. Wannan ƙin yana da hujja, ko da yake yana da ɗaci ga wanda ɗansa ke kwance: inshora tana sayar da kariya ne daga abin da ba a san zai faru ba, kuma da za a bar kowa ya sayi ƙaramin tsari ya ƙara sai ranar da ciwo ya zo, da zubin kowa ya tashi. Na uku, ya yi tunanin yin rajista da wani kamfani, sai ya tarar cewa sabon kamfani zai ɗauki karayar da hawan jinin a matsayin ciwon da aka shigo da shi, sannan akwai wa'adin jira kafin a fara biyan tiyata.

Hanyar da take a buɗe ita ce ta bin lissafi. Ya karɓi cikakken bayanin shekarar, ya zauna da katunan asibiti da ke gida yana gwada rana da rana. Abin da ake nema a irin wannan dubawa shi ne zuwan da aka rubuta sau biyu, ko gwajin da ba a yi ba, ko ranar da babu wanda ya je asibiti daga gidan, domin duk abin da aka cire bisa kuskure ana iya neman a maido shi cikin jimilla. A nasa lissafin komai ya yi daidai. Da an sami saɓani kuma kamfani ya ƙi gyarawa, wurin kai ƙara shi ne Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar NHIS, kuma ita ke sa ido a kan kamfanonin HMO.

Da ya yi dabara, da abin ya canza?

Wani abokin kasuwancinsa ya ce masa da ya riƙa biyan ƙananan zazzaɓin yara da kansa, da ya tanadi jimillar domin babban ciwo. Shawarar tana da daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayanta sosai ba. Da ya biya naira 130,000 ta damina daga aljihu, da ragowar Nuwamba ta zama 750,000, da kuma abin da zai cika a kan karayar ya sauko zuwa 160,000. Idan aka haɗa 130,000 da 160,000, an dawo kan 290,000 ɗin nan dai. A shekarar da jimilla za ta ƙare, kamfani zai biya naira 1,500,000 ko ta wace hanya aka bi. A shekarar da ba za ta ƙare ba kuwa, wanda ya biya da kansa ya yi asara ne kawai, tun da ragowar ba ta bin sa. Abin da dabarar take canzawa shi ne lokaci: ƙananan kuɗi a warwatse sun fi sauƙin nema a kan dunƙulallen kuɗi cikin mako guda. Wannan amfani ne na gaske ga mai sana'ar da kuɗinsa ke cikin kaya, amma ba ragi ba ne.

A ganin mai wannan nazari, matsalar tana cikin zaɓin da aka yi ranar 1 ga Maris. A wannan rana an riga an san abubuwa biyu: akwai haihuwa a tafe, akwai kuma maganin wata-wata. Haihuwa 300,000 da hawan jini 240,000 na shekara sun kama naira 540,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku na jimillar, tun kafin kowa ya yi ko da mura. Abin da ya rage domin abin da ba a zata ba bai kai miliyan ɗaya ba, ga mutum shida. Sannan jimillar tana tsaye a adadin naira ɗaya, alhali farashin magani da kayan aikin asibiti ya tashi ƙwarai bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023, saboda haka miliyan ɗaya da rabin da ta yi yawa a idonsa lokacin da ya fara shiga tsarin ta rage ƙarfin saye ba tare da an taɓa ko sifili ɗaya a takardar ba.

Duk da haka, lissafin shekarar bai nuna ya yi asara ba. Jinyar gidan gaba ɗaya ta ci naira 2,050,000. Kamfani ya biya 1,500,000, shi ya biya 550,000 a asibiti da 300,000 na zubi, wato 850,000.

Ba kowace inshora ce take tafiya a kan wannan tsari ba, kuma rashin bambancewa yana jawo ruɗani a teburin asibiti. Tsare-tsaren gwamnati, kamar na NHIA da na hukumar jihar Gombe da ake kira GoHealth, sun fi dogara ga jerin ayyukan da aka amince za a yi wa mai rajista, saboda haka tambayar a can ita ce ko aikin yana cikin jerin, ba nawa ya rage ba. A inshorar dukiya kuwa, kamar ta gobarar shago ko sito, wadda hukumar NAICOM ke kula da kamfanoninta, jimilla tana raguwa da adadin da aka biya bayan asara, amma galibi ana iya maido da ita idan aka biya ƙarin zubi gwargwadon watannin da suka rage.

Sabuntawa

A watan Fabrairu kamfanin ya aiko da takardar sabuntawa, zubin ya ƙaru. Maigidan ya biya kafin wa'adi ya cika, domin idan aka bar yarjejeniya ta yanke, kamfani yana iya ɗaukar mutum a matsayin sabon shiga, wa'adin jira ya dawo daga farko. Wannan yana da muhimmanci gare shi musamman, tun da likita ya ce akwai yiwuwar a sake aiki nan gaba a cire ƙarfen. Ranar 1 ga Maris 2025 jimilla ta dawo cikakkiya, amma ba ta waiwayi baya ba: naira 290,000 ta Nuwamba da kuɗin maganin wata huɗu ba a mayar masa da su ba, domin kowace jinya ana ɗora ta ne a kan shekarar da aka yi ta.

Kafin ya sa hannu ya gwada tsari biyu. Ɗaya jimillar gida ce ta naira 2,500,000, ɗayan kuma yana ba kowane mutum tasa jimillar ta naira 700,000 wadda wani ba ya taɓawa. Na biyun da ya hana maganinsa tsayawa saboda karayar ɗansa, amma da ya tsaya a 700,000 a kan jinyar da ta ci 910,000, kuma ragowar sauran mutum biyar ba za ta taimaki yaron ba. Ya zaɓi na farko, bayan ya sa an nuna masa a rubuce cewa iyakar tiyata ma ta tashi tare da jimillar, kuma cire ƙarfen yana cikin abin da za a biya. Ya kuma nemi a riƙa turo masa bayanin abin da aka ci duk bayan wata uku, tare da jerin lambobin amincewar da ba a kai ga biya ba.